Yadda Ake Tsara Ma'aunin Makin Insha'i: Hujja Daban, Shaida Daban, Harshe Daban

Duk shekara ɗaliban kwalejin ilimi suna zuwa gwajin koyarwa a makarantunmu, kuma galibinsu wuri ɗaya suke tuntuɓe, wato makin insha'i. Za ka ba mutum takardun aji guda, ya karanta kowace sau ɗaya, ya rubuta 14 ko 26 da jan biro a saman shafi. In ka tambaye shi dalilin 14 ɗin, sai ya ce rubutun bai yi armashi ba. Yaron da aka ba wannan maki bai san abin da zai gyara ba, malamin kansa kuma in ya sake duba takardar bayan mako guda ba lalle ya ba ta 14 ba. Mafi muni, mai zaƙin Hausa da kyan rubutun hannu yana kwashe makin tunanin da bai yi ba, wanda ya yi tunanin kuma yana asara saboda bai sa wa ƙ da ɗ lanƙwasa ba.

Matsalar ba ta sababbin malamai ba ce su kaɗai. A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa a hukumar jarrabawa ta ETS a Amurka sun ba masu ilimi 53 insha'i 300, kowa ya yi maki daga 1 zuwa 9 yadda ya ga dama. Babu takardar da ta sami ƙasa da maki biyar mabambanta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sun sami kowane maki daga 1 har 9. Kowane mai dubawa abin da ya dame shi ya bi: wannan tunani, wancan tsari, wani kuma nahawu. Maganin shi ne a raba abubuwan da ake aunawa, a rubuta su a takarda, kowane laifi kuma a hukunta shi a wuri ɗaya tak.

Abin da za ka tanada

Tambayar insha'in a rubuce, da adadin kalmomin da ake so da lokacin da aka bayar. Littafi ko takardun darasin da ɗalibai suka karanta, domin da su za ka san shaidar da ya dace ka sa ran gani. Takardu shida zuwa takwas na ɗalibai na gaske, na bara ko na wani aji, a rufe sunayen. Fensir, don ma'aunin zai sha gogewa. Sai abokin aiki guda da zai ba ka awa ɗaya.

Misalin da za mu bi shi ne insha'in muhawara da Hausa ga aji biyu na babbar sakandare, kalmomi 400, maki 40, bayan sun yi darasin zuwan Turawa ƙasar Hausa.

1. Fara gyara tambayar

Ma'auni ba ya auna abin da tambaya ba ta nema ba. In ka ce "Rubuta abin da ka sani game da mulkin Turawa a Arewa", yaro zai juye maka abin da ya haddace, kuma ya yi daidai, domin abin da ka tambaya ke nan. Ba ka da ikon rage masa maki a kan bai ɗauki matsaya ba. Sai tambayar ta kasance mai fuska biyu, wadda mutum mai hankali zai iya yarda da ita ko ya ƙi:

"Haɗin kan sarakuna ne, ba ƙarfin bindiga ba, ya sa mulkin Turawa ya zauna a Arewa. Ka yarda ko ba ka yarda ba? Kare matsayinka da misalai daga tarihi."

Kafin ka wuce, rubuta amsa biyu a taƙaice da hannunka, ɗaya ta yarda ɗaya ta ƙi. In ka kasa rubuta mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, tambayar tana da amsar da kake so a ɓoye, kuma ranar maki ra'ayinka za ka saka wa, ba tunanin yaro ba.

2. Shata iyaka tsakanin abubuwan uku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne akasarin ma'aunai suke lalacewa. A kotun alƙali, da'awar mai ƙara daban take, shaidun da ya kawo daban, iya bakinsa kuma daban. Mutum yana iya zuwa da da'awa mai tsari babu mai shaida ko ɗaya, wani ya zo da shaidu biyar amma bai san abin da yake nema ba. Haka takardar ɗalibi take.

Hujja ita ce abin da ɗalibi ya yi da kansa: matsayin da ya ɗauka, dalilan da ya jera, yadda wannan dalili ya kai ga wancan, da yadda ya amsa wa wanda bai yarda da shi ba. Shaida ita ce abin da ya ɗauko daga waje ya ajiye a gabanka: suna, shekara, wuri, aukuwa. Ana tambayarta abu biyu, gaskiya ce, kuma ta shafi maganar? Harshe shi ne ginin jimla, zaɓen kalma, da ƙa'idojin rubutu.

Faɗar wannan ba wuya. Wuyar tana wurin abubuwan da suka tsaya a kan iyaka, kuma dole ka yanke musu hukunci tun yanzu, ka rubuta a bayan takardar ma'aunin.

Ɗalibi ya rubuta cewa Turawa sun ci Kano a 1914. Kuskure ne, a Fabrairun 1903 aka ci Kano, 1914 shekarar haɗe Kudu da Arewa ce. Wannan laifin shaida ne kawai. In dalilin da ya gina a kai yana tsaye ko da an gyara shekarar, kada ka taɓa makin hujjarsa.

Wani ya kawo boren Satiru na 1906, shekara daidai, wuri daidai, sai ya wuce bai faɗi abin da boren yake nunawa ba. Ya ci makin shaida, domin abin gaskiya ne kuma ya shafi tambayar. Abin da ya rasa shi ne jimlar da za ta ɗaure misalin da matsayinsa, wadda galibi takan fara da "wannan ya nuna cewa". Wannan jimla ta hujja ce, a can za a rage masa.

Tsarin sakin layi fa? Malamai da yawa suna jefa shi cikin harshe. Ni a ganina, jerin tunani, wato wane dalili ya zo kafin wane, na hujja ne. Kalmomin haɗi irin su "sai dai", "saboda haka", "duk da haka", in an yi amfani da su ba daidai ba a cikin jimla, na harshe ne. Kana iya raba su ta wata hanyar, muddin ka rubuta hukuncin kuma ka tsaya a kansa ga kowa.

Karin magana ba shaida ba ce. Wannan yana bukatar a faɗa wa ɗalibanmu ƙarara, domin sun saba rufe magana da ita a muhawara, 'yan kallo su yi tafi. Karin magana da ta zauna daidai tana ƙara makin harshe. Ba ta tabbatar da cewa wani abu ya faru a 1903.

3. Raba makin

Ka tambayi kanka abin da darasin ya koyar, shi zai ɗauki kaso mafi girma. Kada ka kwafo rabon wata jarrabawa ba tare da dubawa ba. A insha'in Turanci na WAEC, cikin maki 50, abin da aka faɗa yana da 10, tsari 10, iya bayyana magana 20, ƙa'idojin rubutu 10. Maki 30 ke nan na harshe, kuma ya dace da su, don harshen suke jarrabawa. Mu nan tunani muke son gani.

Hanya mafi sauƙi ita ce kowane ɓangare ya sami matakai huɗu, 4 mafi kyau, 1 mafi rauni, sifili ga wanda bai kawo komai ba. Sannan a ninka: hujja sau 4, shaida sau 3, harshe sau 3. Mafi girman maki ya zama 16 da 12 da 12, jimla 40. Na fi son huɗu a kan biyar domin in akwai na tsakiya, hannun malamin da ya gaji can yake faɗawa, sai ka ga rabin aji a mataki na uku. Matakai goma kuwa ba wanda zai iya faɗa maka bambancin 6 da 7.

4. Rubuta bayanin kowane mataki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "mai kyau ƙwarai, mai kyau, matsakaici, mai rauni". Wannan ba bayani ba ne, lambobin ne aka sake wa suna. Kowane mataki dole ya faɗi abin da za ka iya ɗora yatsa a kai a cikin takarda. Fara da mataki na 3, wato aikin ɗalibin da ya fahimci darasi, daga nan ka hau ka sauka. Ga na misalinmu.

Hujja. 4: matsayi a fili, dalilai aƙalla biyu da aka bayyana yadda suke goyon bayansa, an kawo maganar ɗaya ɓangaren an amsa ta. 3: matsayi a fili, dalilai a ɗaure da shi, amma ba a kula ɗaya ɓangaren ba, ko an ambace shi an wuce. 2: akwai matsayi, sai dai maimaita shi ake yi da wasu kalmomi, ko dalilan suna karo da juna. 1: labari ne ko jerin bayanai, ba a ɗauki matsayi ba.

Shaida. 4: kowane dalili yana da misali takamaimai, mai suna ko wuri ko shekara, kuma daidai. 3: yawancin dalilai suna da misali daidai, akwai kuskure ƙarami ko dalili ɗaya da aka bari tsirara. 2: misalan na gama-gari ne, irin "sarakuna da yawa sun taimaka", ko kurakuran sun kai waɗanda suke daidai yawa. 1: kusan babu, ko abin da aka kawo bai shafi tambayar ba.

Harshe. 4: ana karantawa ba tsayawa, kurakurai kaɗan ne kuma ba iri ɗaya ba. 3: ma'ana a fili, amma akwai kuskure iri ɗaya ko biyu da ke maimaituwa. 2: sai an koma an sake karanta wasu jimloli kafin a gane. 1: ma'ana tana ɓacewa a wurare da yawa.

Lura cewa a harshe ban ce a ƙirga kurakurai a cire rabin maki a kan kowane ba. Yaron da bai san a raba "za ka" ba zai haɗe su sau goma sha biyu a shafi ɗaya, alhali abu guda ne bai sani ba. Ƙirga yana kuma cutar da wanda ya yi doguwar jimla mai ma'ana, ya saka wa wanda ya lallaɓa da gajerun jimloli don tsoro. A duba irin kuskuren da yadda ya tare mai karatu. A kuma yanke hukunci kan karin harshe: in daidaitacciyar Hausa ake so, a faɗa a cikin tambayar, don kada Basakkwace ko Bakatsine ya ga an ja masa jan layi a ƙarƙashin maganar da ya tashi da ita ba tare da an gargaɗe shi ba. Rubutun hannu ba ya cikin ma'auni sam, in dai yana karantuwa.

5. Dokokin gefe

Layi uku sun isa. Wanda ya bar tambayar ya rubuta wani abu daban, sifili a hujja da shaida, harshe kuma kada ya wuce mataki na 2, don kada a haddace insha'i a gida a zo a juye. Wanda bai kai rabin kalmomin da aka nema ba, kada harshensa ya wuce 2, tunda bai rubuta abin da zai isa a auna ba. Inda jimla ta rikice har ba a san abin da take nufi ba, kada ka ƙirƙira wa ɗalibi ma'ana, kada kuma ka rage masa hujjar da ta fito a sauran wuraren.

6. Gwada shi a kan takardu na gaske

Ma'aunin da ba a gwada ba zato ne. Ɗauko takardun nan da ka tanada. Ga irin ukun da ba a rasa su a kowane aji.

Ta farko rubutu tsaf, Hausa kamar a rediyo. Ta buɗe da cewa: "Haƙiƙa sarakuna su ne ginshiƙin al'umma tun kaka da kakanni, kuma ba baƙon da zai zauna a gari ba da yardar mai gari ba." Sakin layi huɗu duk wannan magana ce a sababbin tufafi, babu sunan sarki ko ɗaya, babu shekara. Akwai matsayi amma maimaici ne, hujja 2, maki 8. Shaida 1, maki 3. Harshe 4, maki 12. Jimla 23.

Ta biyu ga yadda take: "Turawa basu da yawa dan haka suka bar alkalai da hakimai suci gaba da karbar haraji da jangali. Amma da sarkin Kano Alu yaki binsu sai suka nada Abbas a 1903, a Burmi kuma aka kashe sarkin musulmi Attahiru. Wannan ya nuna sarakunan da suka hada kai sunga abinda ya sami wanda yaki." Wannan yaro ya ce bindiga ce ta haifar da haɗin kan, ya kawo abin da masu cewa sarakuna ne za su faɗa, ya amsa musu. Hujja 4, maki 16. Misalansa daidai ne, sai dai dalilinsa na ƙarshe, a kan boren matan Aba na 1929, ya sa shi a Legas. Shaida 3, maki 9. Harshe kuwa babu lanƙwasa ko ɗaya, kalmomi a manne, kuma sai ka tsaya ka tantance "yaki" ɗin nan yaƙi ne ko ya ƙi. Mataki na 2, maki 6. Jimla 31.

Ta uku ta jera komai: Lugard, faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, baitulmali, kotunan alƙalai, 1914. Duk daidai, amma har ƙarshe ba a san ta yarda ko ba ta yarda ba. Hujja 1, maki 4. Shaida 4, maki 12. Harshe 3, maki 9. Jimla 25.

Da karatu ɗaya aka yi, ta farko ce za ta zo kan gaba, ta biyu ta zo ƙarshe. Yanzu kowace ta san ciwonta: ta farko ta koma littafi, ta biyu ta zauna da ƙa'idojin rubutu, ta uku ta koyi cewa "na yarda, saboda".

Yayin gwajin ka kula da alamu biyu. In kowace takarda tana samun mataki iri ɗaya a duk ɓangarorin, 3-3-3 ko 2-2-2, to ba ka raba komai ba, ra'ayinka na farko ne kake rabawa gida uku. In kuma takarda ta faɗa tsakanin matakai biyu ka rasa inda za ka sa ta, bayanin ne da giɓi. Gyara bayanin, kada ka fara ba da biyu da rabi.

7. Kira abokin aiki, sannan ka fara maki

Ba shi ma'aunin da takardun, kada ka nuna masa makinka, kada kuma ka yi masa bayani da baki, don abin da ake gwadawa shi ne ko takardar tana magana da kanta. In kun bambanta da mataki ɗaya a nan da can, ba komai. In kun bambanta da biyu, ko kuna saɓawa kullum a ɓangare guda, ku nemo kalmar da kowa ya fahimta daban ku canza ta. Sau da yawa kalma ce irin "isasshe" ko "gamsasshe". Takardun da kuka daidaita a kansu ka ajiye su kusa, ka riƙa komawa gare su in ido ya fara gajiya.

Ranar maki, karanta kowace takarda sau biyu. Karon farko hujja da shaida, biro a ajiye, kada ka ja layi ƙarƙashin kuskuren rubutu ko ɗaya, domin shafin da ya cika da ja yana sa tunanin da ke cikinsa ya yi kama da mai rauni. Karo na biyu harshe. In aji babba ne, bayan kowace takarda ashirin ka koma ka sake duba ɗaya daga cikin na farko, ka ga ko hannunka ya yi nauyi ko ya yi sako-sako.

Ma'aunin yana da iyaka. Wani lokaci za ka gamu da takardar da ta bi hanyar da ba ka hango ba, misali ɗalibin da ya ce tambayar kanta ba daidai take ba, domin bindiga da haɗin kai ba sa rabuwa. In ya kare wannan da dalilai, matsayi ne, a ba shi makinsa cikakke.

8. Miƙa wa ɗalibai

Rubuta ma'aunin a allo mako guda kafin insha'in, su kwafa a littafinsu. Karanta musu takarda ɗaya marar suna, su ba ta maki a ɓangarori uku, su yi gardama a kai. In ka mayar musu da takardunsu, rubuta lambobin uku daban-daban, kamar 16, 9, 6, kada ka tsaya a 31 kawai, sannan ka ƙara jimla ɗaya a kan ɓangaren da ya fi rauni. Wanda ya zo ƙorafi, ka ce ya buɗe littafinsa ya nuna maka a takardarsa inda ya cika sharaɗin matakin da yake nema. In ya nuna, ka gyara masa makin nan take.